Daƙiƙa Goma Ce Ke Faɗar Kuɗin Katun na Minti Biyar

Duk lokacin da matasa huɗu ko biyar suka haɗu suka yanke shawarar yin katun, maganar farko da ke fitowa ita ce ta kayan aiki. Wannan ya ce sai an sayi allon zane, wancan ya ce kwamfutarsa ba za ta ɗauka ba, wani kuma ya shiga neman manhajar da manyan kamfanoni ke amfani da ita. Kafin a tashi daga zaman an riga an sa rana: "Nan da wata ɗaya mu sake shi." Bayan wata uku sai a tarar da daƙiƙa arba'in kawai aka gama, kuɗin ya ƙare, guruf ɗin WhatsApp ya yi tsit, kowa yana ganin laifin ɗan'uwansa.

Ba rashin basira ke kashe irin wannan aiki ba, ba kuma rashin kayan aiki ba. Abin da ke kashe shi shi ne an sa rana an kuma faɗi kuɗi kafin a san abu guda: daƙiƙa nawa na motsi wannan tawagar, da waɗannan hannayen, da wannan wutar lantarkin, za ta iya kammalawa a rana ɗaya? Duk jadawali da kasafin da ba a gina shi a kan wannan adadi ba, fatan alheri ne kawai aka rubuta a takarda. Kuma hanya ɗaya ce ta samun adadin: a yi daƙiƙa goma na gaske, daga zane har zuwa bidiyon da za a iya kallo a waya, a auna lokacin da suka ci.

Minti biyar ba ƙaramin abu ba ne

Mai kallo yana ganin minti biyar a matsayin ɗan lokacin jiran a soya indomi. Mai zane kuwa dole ya ƙirga shi ta wata hanya. Minti biyar daƙiƙa 300 ne. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, kowane hoto shi ake kira firam. Idan aka ninka 300 sau 24, an sami firam 7,200.

Ba kowane firam ake yi wa sabon zane ba. Tun da daɗewa masu katun suka saba barin zane ɗaya ya tsaya firam biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. Ko a hakan ma, zane 3,600 ke jiran tawagar. Idan aka bar zane ɗaya ya tsaya firam uku, kamar yadda ake yawan yi a katun ɗin talabijin na Japan, ya zama zane 2,400. A ce mai zane yana kammala kowane ɗaya, da layi da launi, cikin minti ashirin. Zane 2,400 sau minti ashirin ya ba da awa 800. Mutum ɗaya mai aikin awa shida a rana zai kwashe sama da kwana 130 bai taɓa bango ba, bai taɓa murya ba, bai gyara kuskure ko ɗaya ba.

Wannan lissafin shi ya sa ƙaramar tawaga ya kamata ta rungumi salon 'yar tsana: a zana ɗan wasa sau ɗaya, a rarraba shi gaɓa-gaɓa, kai daban, hannu daban, baki daban, a haɗa gaɓoɓin a cikin manhaja, sannan a riƙa motsa su. Ana yin haka a Moho, wadda sayenta ake yi, ana kuma yi a Blender da Synfig da OpenToonz, waɗanda kyauta ne. Babu abin kunya a wannan tsimi. Kamfanin Hanna-Barbera na Amurka ya sa wa Yogi Bear kwala da nektai ne domin a raba kai da gangar jiki, a riƙa motsa kan kawai jikin yana tsaye. A Japan, Osamu Tezuka ya iya fitar da Astro Boy kowane mako tun daga 1963 ta hanyar rage yawan zane da maimaita wanda aka riga aka yi. Waɗannan mutane suna da ma'aikata da jari, amma sai da suka yi tsimin motsi. Ina ga matasa huɗu masu kwamfuta biyu?

Misali: Talatu da akuya

Domin maganar ta sauka ƙasa, a ɗauki wata tawaga ta misali mai mutum huɗu. Akwai darakta, wanda shi ne marubuci kuma edita. Akwai masu motsa zane biyu. Akwai mai zanen bango da launi. Labarinsu gajere ne: kaka ta aiki Talatu niƙa, akuyar gida ta biyo ta a baya, ta zura kai a cikin kwanon masara, aka yi ta tsere a lungu har zuwa wurin mai inji.

Tun a takarda ake fara rage kuɗi. Labarin yana da mutum uku da dabba ɗaya, amma idan aka bar kaka a cikin ɗaki, muryarta kawai ake ji ta bayan labule, an huta da zana ta da haɗa mata gaɓoɓi. Saura 'yan wasa uku: Talatu, mai inji, akuya. Wurare ma uku ne: tsakar gida, lungu, rumfar niƙa. Da marubucin ya rubuta cewa tseren ya ratsa ta tsakiyar kasuwa, wannan jimla guda da ya rubuta cikin rabin minti za ta iya cin mako biyu na aikin mutum biyu, saboda kasuwa tana nufin jama'a, kuma kowane mutum a cikin jama'a zane ne mai bukatar motsi.

Kafin a zana bango ko ɗaya, dole a yanke hukunci kan siffar allo. Bidiyon kwance ne na YouTube, mai faɗin 1920 da tsayin 1080, ko na tsaye ne na TikTok? Wanda ya zana bango goma sha biyu a kwance sannan ya sauya ra'ayi, zai sake yawancinsu. Haka adadin firam: a zaɓi 24 ko 25 sau ɗaya, kowa ya saita manhajarsa a kai, domin idan mutum biyu suka yi aiki da saiti daban-daban, ranar haɗawa baki zai daina tafiya daidai da murya.

Murya ce gaba, zane na biye

Makonni huɗu na farko ba a motsa komai. Darakta ya rubuta labari cikin kwana biyar. Ya zana shi a ƙananan akwatuna, hoto bayan hoto, da zane na gaggawa irin na fensir, cikin kwana takwas. A ɗauki muryoyi cikin kwana biyu. Sannan a jera waɗancan hotunan a kan muryoyin a manhajar editin, ko CapCut ce ta waya ta isa, kowane hoto ya tsaya daidai tsawon lokacin da zai tsaya a fim ɗin gaske. Wannan bidiyo na hotuna tsayayyu da murya shi ake kira animatik, kuma kwana biyar zai ci.

Dalilin sa murya a gaba shi ne ita ke yanke tsawon kowane shot. Idan aka motsa bakin Talatu na daƙiƙa huɗu, sannan mai muryar ta zo ta faɗi maganar cikin daƙiƙa shida, aikin ya tashi a banza.

Animatik shi ne wuri mafi arha na yin kuskure. A nan ake gane cewa barkwancin tsakiya ba ya ba da dariya, ko fim ɗin ya kai minti bakwai maimakon biyar. Goge hoton fensir ɗaya bai fi minti biyu ba. Goge shot ɗin da aka gama motsawa kuwa jefar da kwana biyu ne. Saboda haka a nuna wa mutanen da ba su san labarin ba, a kalli fuskarsu, a gyara, sannan a rufe shi. Rufewa na nufin daga ranar babu ƙara shot, babu sauya magana, sai dai ragewa. Daraktan da ba zai iya riƙe wannan alkawari ba, shi ne babbar ɓarakar kasafin kuɗin, ya fi fetur cin kuɗi.

A animatik ɗin Talatu, suna da jerin sunayen ma'aikata sun ci daƙiƙa 20. Saura daƙiƙa 280 na motsi, a cikin shot 56. Amma ba dukansu ne nauyinsu ɗaya ba, don haka a kasa su gida uku. Masu sauƙi su ne waɗanda baki da ido kawai ke motsi, kamar lokacin da mai inji ke ciniki: daƙiƙa 140. Matsakaita su ne masu tafiya ko motsin hannu: daƙiƙa 100. Masu wuya su ne tsere, da tsallen akuya, da zubewar masara: daƙiƙa 40.

Gwajin da ke fitar da gaskiya

Mako na biyar shi ne zuciyar dukan tsarin. A zaɓi shot uku daga animatik, ɗaya daga kowane gida, jimillarsu wajen daƙiƙa goma. A yi su har ƙarshe kamar yadda za su fito a fim: motsi, bango, launi, murya, a fitar da bidiyon, a tura shi waya a kalla. Kowa ya rubuta awannin da ya zauna a kan aikin, na gaskiya, ban da lokacin hira da na jiran a kawo wuta, a kuma rubuta awannin jiran wutar a gefe guda domin su ma bayani ne.

A ce gwajin ya nuna mai motsa zane ɗaya, a rana mai awa shida na aiki, yana gama daƙiƙa 8 na mai sauƙi, ko daƙiƙa 4 na matsakaici, ko daƙiƙa 2 na mai wuya. Wata tawagar za ta sami fiye da haka, wata ƙasa da haka, shi ya sa ba a aron wannan adadi daga wurin kowa. Yanzu lissafi ya zama na firamare. Daƙiƙa 140 a raba da 8, kwana 17 da rabi. Daƙiƙa 100 a raba da 4, kwana 25. Daƙiƙa 40 a raba da 2, kwana 20. Jimilla kusan kwana 63 na aikin mutum ɗaya.

Abin lura a nan shi ne daƙiƙa 40 na tsere sun fi daƙiƙa 140 na hira cin lokaci. Wanda ya kalli minti biyar a dunƙule ba zai taɓa ganin wannan ba.

Kusan babu shot ɗin da ke wucewa a karo na farko. Darakta zai ce ƙafar akuya tana zamewa a ƙasa, ko idon Talatu yana kallon inda bai kamata ba. Don haka a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu domin gyara, kwana 63 ya koma wajen kwana 80. Mutum biyu ne, kowa kwana 40, idan ana aiki kwana biyar a mako ya zama mako takwas.

Gwajin yana tona wasu abubuwan da ba a yi tsammani ba. A nan ake gane cewa gwiwar akuyar tana karyewa idan ta lanƙwasa, tun kafin a yi shot ashirin da ita. A nan ake gane cewa siririn layin da ya yi kyau a allon kwamfuta ba ya ganuwa a waya. A nan kuma ake sanin ko da gaske kwamfutar ta gaza. Idan firam ɗaya yana fita cikin daƙiƙa uku, dukan fim ɗin awa shida ne, babu bukatar sabuwar kwamfuta. Idan kuwa tawagar ta zaɓi zane mai tudu da inuwa irin na wasannin kwamfuta, kowane firam yana cin minti biyu, to firam 7,200 awa 240 ne, kwana goma cur injin yana kunne dare da rana. Wannan ba matsalar da za a gano a makon ƙarshe ba ce. Sai bayan gwaji ne sayen na'ura ke da hujja, domin a lokacin an san ainihin inda aikin ke maƙalewa.

Jadawalin mako goma sha shida

Da adadin gwaji a hannu, jadawalin yana jera kansa. Mako na 1 zuwa na 4, labari da murya da animatik suna hannun darakta. A daidai wannan lokaci masu motsa zane suna ƙera 'yan wasa uku, kowanne kwana huɗu, jimilla kwana 12. Mako na 5 gwaji. Mako na 6 zuwa na 13 motsi. Mako na 14 haɗa sauti da kiɗa da fitar da fim. Mako na 15 da na 16 a bar su fanko.

Mai bango yana da wuri uku, kowanne ta kusurwa huɗu, bango 12 ke nan, kowanne kwana ɗaya da rabi, jimilla kwana 18. Dole ya fara tun mako na 4, ya kasance kullum yana gaban masu motsi da aƙalla mako ɗaya, domin mai motsi ba zai san inda ƙafar Talatu za ta taka ba idan babu ƙasa. Darakta kuma kada ya jira mako na 14 kafin ya fara haɗawa. Duk shot ɗin da aka gama, a cire hoton fensir ɗinsa daga animatik a sa shi a gurbin. Ta haka kowace Juma'a tawagar tana da cikakken fim na minti biyar da za ta kalla, wani ɓangare fensir, wani ɓangare launi, kuma kowa yana gani da idonsa yadda launin ke cinye fensir ɗin ko yadda ya tsaya.

Wane shot za a fara da shi? Zuciya tana son masu sauƙi, domin a ga daƙiƙoƙi suna taruwa. Kuskure ne. A yi mako ɗaya a kan matsakaita hannu ya saba da 'yan wasan, sannan a afka wa masu wuya, a bar masu sauƙi zuwa ƙarshe. Idan tseren zai ba da matsala, gara ya bayar a mako na 8 lokacin da akwai sauran dabara, da ya bayar a mako na 13 lokacin da kowa ya gaji.

Makonni biyun da aka bari fanko ba hutu ba ne, kuma ba wurin cusa sabon shot ba ne. Na zazzaɓi ne, da taransifomar unguwa da za ta lalace, da biki ko rasuwa da za ta ɗauke mutum kwana uku. Haka kuma a ɗora jadawalin a kan kalandar gaske. Idan azumi ko sallah ko jarrabawar ɗaya daga cikin tawagar ta faɗo a tsakiyar makonnin motsi, a rage abin da ake tsammani a waɗannan makonni tun yanzu. Idan kuma 'yan tawagar ɗalibai ne ko masu wani aikin, awa uku kawai suke samu da dare, to ranarsu rabin rana ce, mako takwas ya koma goma sha shida. Gara a faɗi haka a farko.

Kasafin kuɗi: kwanaki ne, ba na'urori ba

A tara kwanakin gaba ɗaya: motsi 80, bango 18, ƙera 'yan wasa 12, labari zuwa animatik 20, haɗawa da sauti 12, gwaji 6. Sun kama 148, a ce 150. Wannan adadi shi ne ƙashin bayan kasafin, domin farashin kaya yana sauyawa wata zuwa wata, amma kwanakin aiki suna nan yadda suke.

Kuɗaɗen da ke ƙasa na misali ne, kowace tawaga ta sa farashin garinta na ranar da take lissafi:

- Aikin tawaga: kwana 150 a kan ₦5,000, ya zama ₦750,000
- Masu murya uku: ₦45,000
- Hayar situdiyo na rabin yini: ₦30,000
- Kiɗa na musamman: ₦50,000
- Wuta, wato fetur ko caji, mako 16 a kan ₦8,000: ₦128,000
- Data na wata huɗu: ₦60,000
- Faifan ajiya na waje: ₦70,000

Jimilla ₦1,133,000. A ƙara kashi 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana, wajen ₦170,000, ya zama kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Kowace daƙiƙa ta fim ɗin ta kama sama da ₦4,300. Wannan adadi yana da amfani a bakin darakta. Duk wanda ya zo da shawarar a ƙara ɗan wuri na daƙiƙa goma sha biyar, sai a tambaye shi ko yana da dubu sittin da biyar.

Layuka biyu a jerin ne aka fi sharewa, kuma su ne ke cizo daga baya. Na farko kiɗa. Ɗauko waƙar wani mawaƙi a ɗora ba tare da izini ba yana iya sa tsarin Content ID na YouTube ya karkatar da kuɗin tallar zuwa ga mai waƙar, ko ya toshe bidiyon, bayan wahalar wata huɗu. Na biyu ajiya. Aikin da ke zaune a kwamfuta ɗaya kawai, ɓarawo ɗaya ko tartsatsin wuta ɗaya ya ishe shi. Kwafi a faifan waje kowane yamma, kwafin fayilolin aiki a Google Drive kowane mako.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ke ceton kuɗin fetur. Kada a fitar da shot kai tsaye a matsayin bidiyo. A fitar da shi a matsayin jerin hotunan PNG. Idan aka ɗauke wuta a firam na 90, bidiyo ya lalace gaba ɗaya, amma hotuna 89 suna nan, sai a ci gaba daga inda aka tsaya. Daga baya a haɗa su da umarni guda:

```
ffmpeg -framerate 24 -i shot012_%04d.png -c:v libx264 -pix_fmt yuv420p shot012.mp4
```

To idan abin da ke hannu bai kai miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ba fa? Hanyar da aka saba bi ita ce a matse ladan masu zane. Ita ce kuma hanya mafi saurin rasa su a mako na 9, ranar da wani ya kira su aikin fosta mai biya nan take. Hanyar da ta fi ita ce a koma animatik. A ɗauki rabin tseren, daƙiƙa 20, a sauya yadda ake nuna shi: maimakon a ga akuya tana gudu, a nuna fuskar mai inji yana bin su da ido, ana jin ƙarar kwanuka da kukan akuya. Waɗannan daƙiƙa 20 sun tashi daga kwana 10 sun koma kwana biyu da rabi, kuma sau da yawa abin da aka ji ba a gani ba ya fi ba da dariya. Rage tsawon fim ɗin zuwa minti huɗu ma hanya ce, sai dai kada a zaci kuɗin zai ragu da kashi ɗaya cikin biyar, domin 'yan wasa da bango da kiɗa suna nan a farashinsu.

Yadda ake gane an fara nutsewa

Shafi ɗaya na Google Sheets ya isa. Kowane shot layi ɗaya: lambarsa, daƙiƙoƙinsa, kwanakin da aka ƙiyasta masa, wanda ke riƙe da shi, da matsayinsa. Matsayin nan uku ne kawai: ba a fara ba, ana yi, an gama. Babu "saura kaɗan". Shot ɗin da darakta bai amince da shi ba, ba a gama shi ba. Idan kwanaki suna layin C, matsayi kuma yana layin E, wannan zai tara abin da aka kammala:

```
=SUMIF(E:E,"an gama",C:C)
```

Kwana 63 a cikin mako takwas yana nufin adadin ya riƙa ƙaruwa da wajen 8 kowane mako. Da kwanakin ƙiyasi ake aunawa, ba da daƙiƙa ba, domin makon tsere zai ba da daƙiƙa kaɗan alhali aiki yana tafiya daidai. Idan mako biyu a jere aka sami 5 maimakon 8, ba a bukatar taro mai tsawo: a wannan tafiyar motsi zai ci kusan mako goma sha uku, ajiyar mako biyu ba za ta rufe ba. Ranar ce za a yanke shot ko a ɗaga ranar fitarwa. Wata alamar kuma ita ce a ga shot goma suna "ana yi" a lokaci guda a hannun mutum biyu. Ma'anarsa ana tsallake masu wuya ana buɗe sababbi, ko kuma darakta ya zama ƙofar da komai ke cunkushewa a bakinta. Gyara sau biyu ya ishi kowane shot, na uku sai an cire kwanansa daga wani wuri.

Masu cewa duk wannan ya yi yawa

Wasu za su ce su abokai ne, babu mai karɓar ko sisi, me ya kawo maganar ₦750,000? Amsar ita ce kwana 150 ɗin suna nan ko an biya ko ba a biya ba. Wani ne ke biyan su da barcinsa, ko karatunsa, ko aikin da ya bari. Rubuta su a takarda yana nuna wa kowa abin da ya zuba, ya zama ma'aunin rabo idan fim ɗin ya kawo kuɗi, ya kuma zama farashin da za a faɗa ranar da wata ƙungiya ta zo tana son a yi mata irinsa. Tawagar da ba ta san kwanakinta ba za ta karɓi aikin wata huɗu a kan kuɗin mako uku, tana murna.

Wasu za su ce idan an makara sai a ƙaro hannu. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a kamfanin IBM, ya yi bayani a littafinsa na 1975 cewa ƙara ma'aikata a aikin da ya riga ya makara yana ƙara masa makara. A katun abin ya fi tsanani, domin sabon hannu sai ya koyi gaɓoɓin 'yan wasan da salon motsinsu, kuma mai koya masa shi ne wanda ya kamata a ce yana kan aiki. Idan za a ƙaro mutum, a ƙaro shi a mako na 5, ya shiga gwaji tare da kowa.

Masu hujja mafi ƙarfi su ne masu cewa tsari yana ɗaure ƙirƙira, kuma dabara mafi kyau takan zo ne a tsakiyar aiki. Gaskiya ne takan zo. Amma rufe animatik bai hana ta shiga ba, ya dai sa mata farashi: sabuwar dabara mai kwana uku ta shigo, a fitar da wani abu mai kwana uku. Idan ta cancanta, za a sami abin fitarwa. Idan ba a samu ba, a rubuta ta a ajiye wa fim na biyu, wanda ba zai taɓa zuwa ba idan na farko bai fito ba.

Tawagar da ke shirin farawa a wannan watan ba ta bukatar miliyan a yau, ba ta kuma bukatar zuwa kasuwar waya. Tana bukatar labari mai 'yan wasa uku, muryoyin da aka ɗauka, hotunan fensir da aka jera a kansu, da mako guda na gwaji da kayan da ke hannu. A ƙarshen mako na biyar za ta iya faɗin rana da kuɗi, ta kuma nuna lissafin da ya kai ta can. Kafin wannan lokacin, duk wanda ya tambayi yaushe katun ɗin zai fito, amsar gaskiya ita ce: sai an gama daƙiƙa goma.